Idan aka ce zanenka aikin yara ne

Assalamu alaikum warahmatullah. 'Yan'uwa masu zane a kwamfuta, na ga yawancinku fosta da katin biki da takardar da ake liƙa wa kwalba kuke yi, wasu a shagunan Tudun Wada, wasu a wayarsu a gida. Saboda haka da aiki ɗaya zan yi magana, mu bi shi daga farko har ƙarshe.

Wani yaro da ke koyon aiki a wajena ya zana wa wata Hajiya takardar kwalbar zoɓonta. Bangon ja ne mai duhu, sunan kayan da ja mai haske, ga furanni a gefe. Hajiya ta zo da Alhajin da ke rarraba mata kaya a shagunan Kawo da Unguwar Rimi. Alhaji ya duba samfurin da aka buga, ya ajiye. Ya ce wannan aikin yara ne, kamar katin biki. Suna ba ya fitowa, a ƙara masa girma. Jan ya mutu. Me ya hana a sa kore? Yana miƙewa kuma ya ce, a ina za a sa lambar NAFDAC?

A nan yawancinmu muke fara bayani: ai na zaɓi ja ne saboda launin zoɓo, ai a kwamfuta ya fi haka kyau. Ku lura, duk wannan gaskiya ne, amma ba shi da amfani. Mai saye a shago ba zai same ka tsaye kusa da firji kana yi masa bayani ba. Kuma da zarar ka fara kare kanka, mai suka ko dai ya ƙara zafi ko ya yi shiru, kuma shirun ya fi cutar da kai, domin sauran abin da ya gani zai tafi da shi gida.

Abin da nake koya wa yarana shi ne su ɗauki biro. Kana rubutu, bakinka a rufe yake, kuma babba ya ga ka ɗauki maganarsa da nauyi. Ka rubuta abin da ya faɗa yadda ya faɗe shi, kada ka gyara. In ya gama sai ka yi tambaya, tambayar neman sani, ba ta tarko ba. Alhaji, da ka ɗauki kwalbar, ina idonka ya fara sauka? Wane rubutu ne ka kasa karantawa? Yaron nan ya yi wannan tambayar, Alhaji ya ce furannin ya fara gani, sai da ya matso da ita kusa da fuska ya ga sunan. To ka ga "katin biki" ta zama magana mai kan gado: ado ya danne suna. Daga nan ka ce ka gode, za ka kawo gyara gobe. Kada ka yi alkawarin gyara komai a wurin, kada kuma ka ƙi komai a wurin, domin mai zafin rai ba ya auna magana daidai.

Yanzu ga abin da na fi so ku tafi da shi. Kusan kowace suka tana ɗauke da abu uku a cakuɗe: zafin murya, da abin da mutumin ya gani, da maganin da ya kawo. Zafin ka bar masa abinsa. Abin da ya gani, ka yarda da shi, domin da wuya mutum ya ce ya kasa karantawa alhali ya karanta. Maganin kuwa sai ka gwada. Marar lafiya ya san inda ke masa ciwo, amma ba shi ke rubuta wa kansa magani ba.

Mu ɗauki maganar suna. Alhaji ya ce a ƙara girma. Yaron ya mayar da zanen baƙi da fari a kwamfuta, sai sunan ya kusa ɓacewa, domin jan rubutun da jan bangon duk sun koma toka iri ɗaya. Ashe matsalar ba ta girma ba ce, bambancin haske ne babu. Da ya ninka girman, da ya cika takardar kuma har yanzu ba a karanta ba. Ya mayar da sunan fari, ya rage furannin zuwa kusurwa ɗaya, girman rubutun bai taɓa ba. Sannan ya buga a ainihin girman takardar, ya liƙa a kwalba mai zoɓo a ciki, ya sa a firji har ta yi raɓa, ya ja da baya taku uku ya kira mai shayin da ke ƙofar shago, wanda bai taɓa ganin zanen ba. Mutumin ya karanta sunan nan take. Wannan gwajin ya fi gardamar awa guda, kuma ku riƙa yinsa da wanda bai san sunan ba, domin kai da ka zana ko a duhu za ka karanta.

Jan da ya mutu, shi ma Alhaji ya gani daidai, sai dai bai san dalili ba. Allon kwamfuta da haske yake haɗa launi, wato RGB. Injin bugawa kuwa da tawada huɗu yake aiki, wato CMYK, kuma akwai launuka masu ƙyalli da tawada ba ta iya kai wa gare su. An yi zanen a RGB, aka juya shi a wajen bugawa, jan ya dushe. Gyaran shi ne a saita fayil ɗin a CMYK tun a CorelDRAW, a zaɓi jan da hannu, a nemi mai buga takardu ya fitar da samfuri ɗaya a kan ainihin takardar da za a yi aikin da ita kafin a saki injin.

Kore kuwa ra'ayi ne. Yadda za ka gane ra'ayi shi ne, in ka tambayi me zai lalace idan ba a yi ba, babu amsa. Alhaji yana son kore, shi ke nan. Irin wannan ba kai ke yankewa ba, ba shi ba kuma, mai kaya ce. Yaron ya nuna wa Hajiya biyun, ya faɗa mata cewa a ganinsa ja ya fi nuna abin da ke cikin kwalbar, ta zaɓi ja. Da ta zaɓi kore, da ya yi mata kore mai kyau ba tare da ɓata rai ba.

Saura maganar lambar NAFDAC da Alhaji ya yi a bakin ƙofa, wadda ba a ɗaga murya a kanta ba, kuma ita ce mafi tsada. Babu wurin lambar rajista, babu wurin ranar yi da ranar lalacewa, babu jerin kayan haɗi. Da an buga dubu biyar a haka, dukkansu sun zama shara, kuma kuɗin Hajiya ne. Don haka in kun zauna da jerinku, kada ku jera shi bisa wanda ya fi ƙona muku rai. Ku fara da abin da zai jawo asara ko matsala da hukuma bayan an buga, sai abin da ke hana mai saye fahimta, sai ingancin bugu, ra'ayi ya zo ƙarshe.

Wata 'yar'uwa daga baya ta tambaya, idan mutum zagi kawai yake yi fa? Malama, ki tambaye shi sau ɗaya, cikin ladabi, wane wuri ne bai yi masa ba. In ya nuna, kin samu abin aiki. In ya sake cewa kawai bai yi ba, ki roƙe shi ya kawo kwalba biyu daga kasuwa waɗanda takardarsu ta burge shi, ku ajiye su kusa da taki ku duba tare. Mutane da yawa ba su iya faɗin abin da suke so ba, amma sun iya nuna shi da yatsa. In wannan ma ya ƙi, ki rubuta a takarda tun yanzu gyara nawa ne ke cikin kuɗin da aka biya, kuma nawa ne kuɗin kowane ƙari.