Motar da ta yi kondem: in ka riƙe kwarangwal, nawa kamfanin inshora zai biya ka?

Wannan lacca an gabatar da ita ne a Sakkwato, a wani zama na masu motocin haya da dillalan motoci. Mai laccar ya daɗe yana aikin kimanta asara wa kamfanonin inshora. An kwafo ta daga rikodin, an rage gaishe-gaishe da maimaici.

Assalamu alaikum. Shugabanni, iyayena da 'yan'uwana, ina gaishe ku.

Kafin mu shiga lissafi, a san da wa nake magana. Wanda yake da inshorar nan ta dole, wadda tun farkon 2023 ake yanka naira dubu 15 ga motar gida, ita ɓarnar da ka yi wa wani take biya. Taka motar ko ta dagargaje ba ruwan kamfaninka, kwarangwal naka ne, asara ma taka ce. Maganata da masu cikakkiyar inshora ce, wadda ake biyan aƙalla kashi 5 cikin 100 na darajar mota duk shekara, da kuma masu takaful, wato inshorar Musulunci, irin wannan, don lissafin kusan ɗaya ne.

Mota ta yi hatsari, a ce a hanyar Boɗinga. An sa janwe ya jawo ta gari. Kamfani zai aiko injiniyansa ya duba, ya rubuta abu uku: darajar motar a kasuwa kafin hatsarin, kuɗin gyara, da kuɗin da kwarangwal zai yi in an sayar da shi yadda yake. In kuɗin gyara ya kusa kamo darajar motar, sai a ce ta yi kondem. Ba wai ba ta gyaruwa ba ne. Makanikanmu babu abin da ba sa tayarwa. Gyaran ne ba ya biyan kuɗin sabulu a wurin kamfani. Kowane kamfani da iyakar da ya sa, kuma tana cikin takardar yarjejeniyarka, wadda na san yawancinmu tun ranar da aka ba mu ita ba mu sake buɗe ta ba.

To, doka ta asali a inshora ita ce a mayar da kai inda kake kafin asara, ba a ƙara maka ba. Shi ya sa in kamfani ya biya ka kuɗin mota gaba ɗaya, abin da ya rage na motar ya zama nasa. Wanda ya biya kuɗin akuya ai shi ke da fata. Za ka miƙa makulli da takardun mota, su ɗauke ta su sayar, yawanci ta hanyar neman tayi daga masu sayen irin waɗannan motoci. In kuwa ka ce a bar maka ita, za a bar maka a mafi yawan lokuta, amma a cire kuɗinta daga abin da za a biya ka. Ku riƙe wannan da kyau: ba kyauta aka ba ka ba, saya ka yi, da kuɗinka, a farashin da injiniyan kamfani ya rubuta.

Bari mu ɗauki misali, lambobin nawa ne na ƙirƙira don a gane. Alhaji yana da Corolla, ya yi mata inshora a kan naira miliyan 8, kuma ranar hatsari haka take a kasuwa. Injiniya ya ce gyara zai ci miliyan 6 da rabi, kwarangwal kuma zai yi miliyan 1 da dubu 800. A yarjejeniyar akwai kason da mai mota yake ɗauka da kansa a kowace asara, a ce nasa dubu 400 ne. In ya bar musu motar, za a ba shi miliyan 7 da dubu 600, a rabu. In ya riƙe ta, za a ƙara cire miliyan 1 da dubu 800, ya tashi da miliyan 5 da dubu 800 da kwarangwal a ƙofar gida.

A takarda duka biyun daidai suke. A kasuwa ba lalle ba ne. Tambayar ita ce, wannan kwarangwal in an kai shi gaban masu saye yau, da kuɗi hannu, nawa za su ba da? In masu sayar da kayan gyara sun taya miliyan 1 da dubu 200, Alhaji ya yi asarar dubu 600 tun bai taɓa sifana ba. In kuwa injin da giyabos lafiya lau suke, bugun a baya ne, wani ya taya miliyan 2 da dubu 300, to ya ci ribar dubu 500. Saboda haka kada ka ce "a bar mini" sai ka ji tayi. Ka kira mutum biyu ko uku masu wannan sana'a su gani da idonsu, ka tura hotuna wa masu kayan gyara na kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano su ma su taya. Kuma tayin da za ka kama shi ne na wanda ya shirya biya. Na ɗan'uwa da ya leƙa ya ce "ai wannan injin kaɗai ya yi miliyan 2" ba tayi ba ne, hira ce.

Abin da yake ba ni mamaki shi ne, mutane suna kwana suna jayayya a kan darajar mota, a ƙara dubu 200, a rage dubu 100, amma kuɗin kwarangwal sai su karɓa yadda aka rubuto. Alhali shi ma kimantawa ce, ana iya ja da ita. Ka nemi a gaya maka yadda aka samo lambar. Tayi aka karɓa daga masu saye, ko kuwa wani kaso na darajar motar aka yanka kawai? In tayi ne, na ina? Farashin da ɗan kasuwar Ladipo a Legas zai biya ga motar da ke kusa da shi daban yake da na motar da ke ajiye a Sakkwato, wadda sai an biya kuɗin ɗauko ta. Ka kai musu naka tayin a rubuce. In sun tsaya a kan lambarsu kuma ka ga ta yi yawa, amsa mai sauƙi ce: ku ɗauki motarku, ku ba ni kuɗina cikakke.

Yanzu ga wanda niyyarsa gyarawa ce, kuma su ne suka fi yawa. Alhaji zai ce injiniya ya yi lissafi da sababbin kaya, ni da na hannu zan yi, miliyan 4 da rabi ta ishe ni. To, mu yarda. Ya cire miliyan 4 da rabi daga miliyan 5 da dubu 800, saura miliyan 1 da dubu 300, ga kuma mota tana tafiya. Ka ga kamar ya yi dabara. Amma dillalai da ke nan ku gaya mini, motar da aka ja shasinta, aka yi mata walda da fenti daga gaba har baya, za ku saye ta miliyan 8? Ku ce miliyan 5 da rabi. In ka haɗa da ragowar kuɗin, abin da ke hannunsa miliyan 6 da dubu 800 ne. Wanda ya bar musu motar yana da miliyan 7 da dubu 600. Wannan kuma in gyaran ya tsaya inda aka ce ke nan, ga shi ba ya tsayawa. Sai an kwance gaba a ga lagireto ya fashe, wayoyi sun tsinke, jakunkunan iska sun tashi. In shasi ya lanƙwashe, alamarsa ba ta ɓuya: ƙofofi ba sa rufuwa daidai, mota tana ja gefe ɗaya, taya tana cin gefe guda ko an saita ƙafa. Irin wannan ni ba na ba da shawarar a ɗauki fasinja a cikinta.

Akwai inda riƙewa take da amfani ƙwarai. Mai motoci uku ko huɗu iri ɗaya, wanda injin da giyabos da ƙafafu za su shiga sauran motocinsa kai tsaye, shi kwarangwal ya fi masa daraja a kan abin da ɗan kasuwa zai biya. Haka tsohuwar mota mai araha wadda bodi kawai ya lotsa.

Sai wurin da aka fi cutuwa a shekarun nan. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 motoci suka yi tashin gwauron zabi, amma mutane suna sabunta inshora a kan tsohon farashi. A ce Corollar nan a kan miliyan 5 aka rubuta ta, alhali ta kai miliyan 8. Kamfani ba zai biya fiye da miliyan 5 ba. A cire kason mai mota, a ce dubu 250. Kwarangwal kuwa da farashin yau za a kimanta shi, miliyan 1 da dubu 800. In an cire shi duka, Alhaji zai tashi da miliyan 2 da dubu 950. A nan akwai hujjar da ya kamata ka kawo. Kashi 5 cikin 8 na motar kamfani ya biya, sauran kashi 3 kai ka ɗauki asararsu, don haka adalci shi ne a raba kwarangwal ma haka. Kason kamfani ya zama miliyan 1 da dubu 125, bambancin dubu 675 ne. Abin da yarjejeniyarka ta ce shi zai yi aiki, wani kamfani zai yarda, wani zai ƙi, amma wanda bai tayar da maganar ba ba za a tayar masa ba. Kuma a tayar da ita kafin a sa hannu a takardar sallama, domin sa hannu a kanta yana nufin ka yarda an biya ka, an gama.

Wani dattijo ya ɗaga hannu: "Ranka shi daɗe, motata banki ya saya mini, ban gama biya ba. Ina iya riƙe ta?"

Baba, in sunan banki yana cikin takardar inshora, su za a fara biya bashinsu, ragowa ta zo gare ka. Tun da riƙewa tana rage kuɗin da za a fitar, sai da yardarsu. In bashin da ya rage miliyan 6 da rabi ne kuma za a biya miliyan 5 da dubu 800, cikon dubu 700 daga aljihunka zai fito.

Wani matashi ya tambaya ko inshorar tana ci gaba bayan an gyara motar.

A'a, ƙanena. Da an biya kuɗin kondem wannan yarjejeniya ta ƙare, ko da wata biyu kawai ta yi, kuma ba a mayar da ragowar kuɗin shekara. In ka gyara sai ka yanki sabuwa, su sake duba motar, su sa mata darajarta ta yanzu, wani kamfanin ma inshorar dole kawai zai yarda ya ba ka. Sannan tun ranar hatsari ka ɗauki hoton komai, batir, fitilu, tayoyi, cikin injin, ka kai motar inda ake tsaro. In ta yi wata biyu a fili aka kwashe kayan, kamfani yana iya cire kuɗinsu in shi zai ɗauka, in kuma kai ka riƙe, za ka biya farashin da aka yanka lokacin da kayan suke jiki. Wanda kuma ya ga an danne masa haƙƙi bayan ya bi ta kan kamfani a rubuce, hukumar NAICOM da ke kula da kamfanonin inshora tana da sashen karɓar koke. Ya haɗa da takardar yarjejeniya, da rahoton 'yan sanda, da takardar tayin kamfani, da tayin da shi ya samo.