Ɗigon da Ke Jin Zafi a Cikin Injin Ƙyanƙyasar Ƙwai

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ku dubi abin da ke kan tafin hannuna. Wannan ɗan baƙin ɗigo mai siraran wayoyi biyu, wanda bai fi ƙwayar dawa girma ba, shi ake kira tamista. Shi ne yake gaya wa injin ƙyanƙyasar ƙwai ko ɗumi ya isa ko da saura. Injin da kuke gani a bayana, a nan ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim na haɗa shi da tsohuwar kula, yana aiki da batir da sola. Ƙwan kaza na son ɗumin digiri 37.5 har tsawon kwana 21, kuma digiri ɗaya tak idan ya hau ko ya sauka ya daɗe a haka, a wurin ƙyanƙyasa za ka ga sakamako. Yau ina so mu bi sawun zafin nan, tun daga jikin wannan ɗigo har ya zama lambar da allo ke nunawa.

Bari mu fara da gwaji. Ga mita na kunna, na juya ta wurin auna turjiya, wato yadda abu ke hana wutar lantarki wucewa, wadda ake aunawa da om. Na maƙala wayoyin tamista a bakunan mita. Yanzu hantsi bai yi ba, akwai sauran sanyin safiya, kuna ganin lambar tana kusa da om 10,000. To ga shi na matse ɗigon tsakanin babban yatsa da manuniya. Ku zuba ido. Dubu tara, dubu takwas, tana ta gangarowa wajen dubu bakwai. Na saki, ga ta nan tana komawa sama a hankali. Ba abin da na yi masa illa ɗumin jikina.

Me ya kawo haka? Ana yin wannan ɗigo ne da garin wasu ƙarafa da suka haɗu da iska, irin su manganis da nikel da kobal, a cuɗa su a gasa kamar yadda ake gasa tukunya. A cikinsa akwai ƙananan ƙwayoyin da ke ɗaukar wutar lantarki, amma idan da sanyi yawancinsu a ɗaure suke, kaɗan ne ke iya motsi. Zafi na shiga sai ya kwance wasu, masu ɗaukar kaya su ƙaru, wuta ta sami sauƙin wucewa, turjiya ta ragu. Irin wannan tamista shi ne za ku ga an rubuta NTC a ledarsa. Idan kuma kun ga 10k, ana nufin turjiyarsa om 10,000 ce a daidai digiri 25. A digiri 37.5 da muke nema, nawa yana saukowa wajen om 5,870. A kusa da wannan ɗumi, kowane digiri ɗaya yana rage masa kimanin kashi 4 cikin ɗari. Ku riƙe wannan kashi 4 ɗin da kyau, za mu dawo kansa.

Sai dai akwai wani cikas. Ƙwaƙwalwar injin, wannan ɗan allo mai suna Arduino, ba ta san turjiya ba ko kaɗan. Bolt kawai take iya aunawa. Don haka dole a nemo dabarar da za ta mayar da turjiya ta zama bolt, kuma dabarar rizista guda ɗaya ce kawai, wato ɗan abin da ke da tsayayyiyar turjiya.

Ku dubi haɗin. Daga ƙafar da aka rubuta wa 5V, wuta ta shiga rizista ta om 10,000, wadda ita ba ta damu da zafi ko sanyi ba. Daga can ta wuce cikin tamista, sannan ta sauka a GND, ƙafar da wuta ke komawa ta cikinta. A mahaɗar su biyun nan na jawo waya ɗaya zuwa ƙafar A0. Wannan shi ne mai raba bolt.

Duk wanda ya taɓa noman rani ya san wannan lissafi. Manoma biyu sun haɗa injin ban ruwa ɗaya, kuɗin mai kuwa kowa gwargwadon faɗin gonarsa yake biya. Idan gonakin daidai suke, a raba biyu. Idan ɗaya ya rage tasa gonar, kasonsa ya ragu, na maƙwabcinsa ya ƙaru, amma jimillar kuɗin tana nan yadda take. Haka bolt 5 ɗin nan ke rabuwa tsakanin rizista da tamista, kowa gwargwadon turjiyarsa. A digiri 25 dukansu om 10,000 ne, sai kowa ya ɗauki bolt 2.5. A digiri 37.5 kuwa tamista ya koma 5,870, jimillarsu ta zama 15,870, kasonsa ya zama kusan kashi 37 cikin ɗari na bolt 5, wato wajen bolt 1.85. Wannan kaso na tamista shi ne wayar tsakiya ke kai wa A0.

Ita kuma ƙwaƙwalwar ba da bolt take ba ka amsa ba. Tana yanka bolt 5 ɗin zuwa ƙananan matakala, daga 0 zuwa 1023, sai ta faɗi matakalar da wutar ta tsaya. Bolt 1.85 na faɗawa a wajen 378. Idan ɗumi ya ƙaru da digiri ɗaya, lambar na saukowa wajen 369. Kun ga ke nan digiri ɗaya ya kai matakala tara zuwa goma, wato injin na iya bambance har kashi ɗaya bisa goma na digiri. Ga aikin ƙwai, wannan ya wadatar.

Abin da ya rage shi ne a bi hanyar a koma baya, daga lamba zuwa turjiya, daga turjiya zuwa digiri. Ga layukan a allo:

```
int adc = analogRead(A0);
float R = 10000.0 * adc / (1023 - adc);
float T = 1.0 / (1.0 / 298.15 + log(R / 10000.0) / 3950.0) - 273.15;
```

Layi na uku ya ɗan yi tsawo ne saboda turjiyar tamista ba a miƙe take sauka ba, a cikin sanyi da sauri take zubowa, a cikin zafi kuma a hankali. Lambar 3950 da kuke gani ita ce ke bayyana wannan lanƙwasa, ana ce mata B, kuma mai sayarwa kan rubuta ta tare da 10k. Ku tambaya kafin ku saya, domin akwai mai 3435 a kasuwa, kamanninsu ɗaya. Idan ka sa shi ka bar 3950 a lissafi, allo zai nuna 37.5 alhali cikin injin ya kai 39.5.

Yanzu ku koma layi na biyu, ku dubi 10000 ɗin da ke farkonsa. A nan na yi asara, kuma shi ya sa na ɗauki wannan bidiyo.

Lokacin da na haɗa injin nan karon farko, tamista mai kyau na saya, amma rizistar sai na ciro daga wata tsohuwar rediyo. Na duba zobban launin da ke nuna turjiyarta, ruwan ƙasa, baƙi, ruwan lemo, na ce om 10,000 ce, shi ke nan. Ban kula da zobe na huɗu ba, mai ruwan zinare, wanda ke nufin tana iya kaucewa da kashi 5 cikin ɗari sama ko ƙasa. Na zuba ƙwai, har da wasu da goggona ta tara kwana da kwanaki ta kawo min a ƙwarya cikin ƙaiƙayi. Allo na nuna 37.5 dare da rana, ni kuwa hankalina kwance.

Tun ranar kwana 19 na fara jin tsiyau-tsiyau. Da fari na yi murna, amma 'yan tsakin da suka fito ƙanana ne, ba ƙwari, wasu cibiyarsu ba ta rufe ba. Da yawa kuma sun huda ɓawo suka mutu a ciki. Goggo ta zo ta tsaya a kansu, ta ɗauki ƙwai ɗaya ta kara a kumatunta, ta ce, "Ɗan nan, ai wannan ya fi cikin kaza zafi." Ranar na kasa haɗa ido da ita.

Da na cire rizistar na ɗora ta a mita, sai ga 9,550. Ni kuwa na gaya wa ƙwaƙwalwa 10,000. Saboda haka duk turjiyar da take lissafa wa tamista tana haura gaskiya da kusan kashi 5 cikin ɗari, turjiya mai yawa kuwa a wurinta sanyi ne. Kun tuna kashi 4 ɗin da na ce ku riƙe? Kashi 5 ya fi digiri ɗaya ke nan. Injin ya yi ta hura hita har sai allo ya nuna 37.5, a lokacin kuwa ainihin ɗumin ya kai wajen 38.6. Tamistan lafiyarsa ƙalau, abokin rabonsa ne ba a san nauyinsa na gaskiya ba.

Gyaran ba wuya. Ko dai ka sayi rizista mai kashi 1 cikin ɗari, wadda zobenta na ƙarshe ruwan ƙasa ne, kuskurenta ba zai wuce kwatan digiri ba, ko kuma ka auna wadda ke hannunka da mita ka rubuta ainihin lambarta a layi na biyu. Ni duka biyun na yi. Bayan haka ka sayi ma'aunin zazzaɓi a kemis, ka ajiye shi dab da tamista a daidai tsayin saman ƙwai, ka bar injin ya yi wuni yana aiki babu ƙwai, ka gwada abin da su biyun ke faɗa. Ma'aunin zazzaɓi an yi shi ne don ɗumin jikin mutum, shi ya sa ya dace da wannan aiki.

Wasu na tambayata ko raguwar batir da asuba na ɓata awon. Muddin mai raba bolt da ƙwaƙwalwa daga 5V ɗaya suke sha, ba ya ɓatawa, domin kaso ake aunawa, idan wuta ta ɗan ragu tare suke raguwa.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne tsinkewar waya. A irin wannan haɗi, idan wayar tamista ta tsinke, ko ɓera ya ci ta, A0 za ta ga bolt 5 gaba ɗaya, lamba ta tashi 1023, injin ya ɗauka sanyi ne mai tsanani, ya kunna hita ba kashewa. Idan kuma wayoyin biyu suka haɗu, lamba ta faɗi 0, lissafin layi na uku ya rikice ya ba da sanyi mai tsanani, nan ma hita ba kashewa. Don haka na ƙara masa sharaɗi: lamba ta haura 1000 ko ta gaza 20, ya kashe hita ya buga ƙararrawa. Bari in gwada muku. Ga shi na zare waya ɗaya daga tamista. Kun ga fitilar hita ta mutu, ga ƙararrawar nan tana kuka. Na mayar da wayar, lamba ta dawo 378, allo na nuna 37.5.