Yakutu a Hoton Waya: Na Ƙasa, Na Masana'anta Ko Gilashi?

Assalamu alaikum ƴan uwa masu kallo. Hotunan jajayen duwatsu da shuɗaye sun yi yawa a wayoyin mutanen Maradi, ana tura su ta WhatsApp daga Kano, daga Jos, wasu ma daga Dubai, kuma tambayar da ke biyo su guda ce: wannan na gaske ne? Za mu ɗauki dutse ɗaya, jan yakutu, mu bi shi daga hoto har zuwa ma'auni, domin mu ga iyakar abin da hoto yake iya faɗa.

[Duwatsu uku jajaye a kan farin ƙyalle]

Waɗannan ukun da kuke gani, ɗaya an haƙo shi daga ƙasa, ɗaya an yi shi a masana'anta, ɗaya kuma gilashi ne mai launi. Ku dube su da kyau kafin mu ci gaba.

Launi ba zai ɓata mana lokaci ba. Ga dutsen nan a hasken rana, ga shi a ƙarƙashin farin ƙwan lantarki, ga shi kuma kusa da fitila mai jan haske. Dutse ɗaya ne, launi uku. Waya tana gyara launi da kanta kafin ta ajiye hoto, allon wayar mai saye kuma yana ƙara nasa. Wanda ya yanke hukunci da launin hoto, hasken ɗakin mai sayarwa ya saya.

Gilashi shi ne wanda hoto ya fi iya tona masa asiri. A ma'aunin tauri na Mohs, yakutu yana kan 9, gilashi kuwa yana wajen 5 da rabi. Ƙurar da iskar hunturu take kwasowa tana ɗauke da ƙwayoyin yashi masu taurin 7, saboda haka zoben gilashi da aka jima ana sawa yakan dushe, ya yi ƙananan karce-karce, gefunan yankansa su daina kaifi. Ku duba gefen nan yadda ya yi laushi kamar an narkar da shi, alama ce ta abin da aka zuba a mazubi maimakon a yanka shi a goge. A ciki kuma ga ƙwayoyin iska masu zagaye, ga wasu layuka masu murɗewa da suka rage daga lokacin da aka motsa narkakken gilashin. Idan hoto mai kyau ya nuna waɗannan tare, maganar ta kusa ƙarewa.

Yanzu mu zo wurin da mutane da yawa suke zamewa, kuma a nan za mu daɗe. Mutum ya duba hoto, bai ga ƙwayar iska ba, ya ga gefuna masu kaifi, aka kuma turo masa bidiyon dutsen yana karce kwalba. Sai ya ce tunda ba gilashi ba ne, ashe na ƙasa ne. Ya tsallake mataki guda cur, domin tsakanin gilashi da dutsen ƙasa akwai na uku, wato yakutun masana'anta, kuma shi ba kwaikwayon yakutu ba ne. Sinadarinsa shi ne na yakutun ƙasa, wato haɗin alminiyon da iskar oksijin, da ɗan kuromiyon da yake ba shi ja. Taurinsa 9 ne, nauyinsa daidai da na ƙasa, yadda yake karkatar da haske ma haka. Yana karce kwalba, ba ya dushewa da ƙura, idan an haska masa fitilar nan mai hasken shuni da ake duba kuɗi da ita yakan yi ja jawur, sau da yawa ma fiye da na ƙasa.

Kuma ba sabon abu ba ne. Wani masanin sinadarai na Faransa, Auguste Verneuil, ya bayyana hanyar yin sa tun a 1902. Ana zubo garin sinadarin kaɗan-kaɗan ta cikin harshen wuta mai zafin da ya haura digiri 2000, garin ya narke ya ɗiga a kan wani ɗan sanda, ya daskare shimfiɗa bisa shimfiɗa, har ya zama dunƙule mai zagayayyen kai cikin ƴan awoyi. Saboda haka zoben da aka gada daga kaka, ko wanda aka kawo tsaraba daga Makka shekaru hamsin da suka wuce, tsufansa ba shaida ba ce cewa dutsensa na ƙasa ne. Wannan magana takan yi wa mutane nauyi, amma gaskiya ce, kuma ba ta rage darajar wanda ya ba da zoben.

[Hoton cikin dutse da aka ƙara girmansa]

To me yake raba su? Tarihin yadda kowanne ya girma, wanda yake rubuce a cikinsa. Da yake dunƙulen masana'anta kansa zagayayye ne, shimfiɗunsa suna barin siraran layuka masu lanƙwasa, jere ɗaya bayan ɗaya, kamar zoben da ake gani idan an yanka albasar Galmi. Dutsen ƙasa ba ya girma haka. Layukan girmansa miƙaƙƙu ne, suna karyewa a kusurwa mai bin siffar gefe shida, kuma sau da yawa akwai siraran allurai na wani ma'adini mai suna rutil da suke giciye da juna ta fuska uku, ko ƙananan ƙwayoyin wasu ma'adinai da dutsen ya rufe a cikinsa lokacin da yake girma.

Hoton da kuke kallo yanzu an ɗauke shi ne da madubin awo na ɗakin bincike. Don a ga layukan nan masu lanƙwasa, akan juya dutsen sannu a hankali har a dace da fuskar da suke bayyana, a sa haske mai laushi daga ƙasa, wani lokacin a tsoma dutsen a cikin ruwa na musamman domin a kashe ƙyallin samansa. Hoton waya fuska ɗaya kawai yake kamawa, a haske ɗaya. Idan an matso da wayar sosai, wuri kaɗan ne yake fitowa tar, sauran cikin dutsen ya ɓace. Bayan haka wayar tana share ƙananan layuka da sunan gyaran hoto, WhatsApp kuma ya matse hoton ya rage abin da ya saura. Idan dutsen yana cikin zoben azurfa da maƙeri ya rufe bayansa, haske ma ba ya ratsa shi. Ma'anar wannan ita ce rashin ganin alama a hoto ba ya nufin babu ita a dutsen.

A ra'ayina, hoton da ya fi cancanta a yi hattara da shi shi ne na dutse ja jawur, babba, mai tsabta ƙal babu ko tabo. Yakutun ƙasa mai irin wannan tsabta yana da wuyar samu ƙwarai, kuma kuɗinsa ya wuce cinikin waya. Na masana'anta kuwa tsabtar nan ita ce ɗabi'arsa.

Sai dai kada a juya maganar a ce duk mai tabo na ƙasa ne. Akwai masu ɗumama dutsen masana'anta su jefa shi cikin ruwan sanyi don ya tsattsage daga ciki, ya yi kama da wanda aka haƙo. Akwai masu farfasa dunƙulen su gurje shi, su shafa masa ƙasa, su ce daga rami ya fito. Akwai kuma wata hanyar masana'anta mai tsada wadda dutse yake girma a hankali cikin narkakken sinadari, ita ma tana barin miƙaƙƙun layuka. Ita kanta ƙwayar iska ba gilashi kaɗai take nunawa ba: ana samunta a yakutun hanyar Verneuil, ana kuma samunta a yakutun ƙasa maras kyau da aka cike tsagoginsa da gilashi mai dalma, wanda ya bazu a kasuwannin duniya tun wajen 2004. Wannan na ƙarshen yakan nuna walƙiya shuɗiya ko ruwan lemu a kan tsagar idan an juya shi, kuma ruwan lemun tsami ko wutar maƙeri suna lalata shi.

[Ma'auni da kofin ruwa]

Mu ɗauki misali. An turo wa wani Alhaji hoton jan dutse, aka ce karat 5 ne. Karat ɗaya kashi ɗaya cikin biyar na giram ne, don haka nauyinsa giram 1 ke nan. A hoton gefuna suna da kaifi, ba a ga ƙwayar iska ba. Abin da Alhaji ya samu a nan shi ne bai ga shaidar gilashi ba, iyakarta ke nan.

Dutsen ya iso hannu. An auna shi a iska, ya ba da giram 1.00. An rataye shi da siririn zare a cikin ruwa, aka sake aunawa, ya ba da 0.75. Ya rasa 0.25, kuma idan an raba 1.00 da 0.25 za a samu 4, wanda shi ne nauyin yakutu idan an gwada shi da ruwa. Da gilashin kwalba ne, da lissafin ya tsaya wajen 2 da rabi. Amma gilashi mai dalma da yawa yana iya kaiwa kusa da 4, shi ya sa ake ƙarawa da na'urar auna karkatar haske, inda yakutu yake ba da lamba biyu, 1.76 da 1.77, gilashi kuwa lamba ɗaya tak.

Ga abin lura: an yi awo biyu na gaske, da dutsen a hannu, an tabbatar yakutu ne, amma har yanzu ba a san ko na ƙasa ne ko na masana'anta ba, domin dukkansu lambobi ɗaya suke bayarwa. Abin da ma'auni da na'ura suka kasa rabawa, hoton waya ba zai raba ba. Sai an koma cikin dutsen da lup, wato ɗan madubin hannu mai ƙara girma sau 10, ko madubin ɗakin bincike. A misalinmu, da aka juya shi ta gefe a kan farin haske, sai siraran layuka masu lanƙwasa suka bayyana, da wasu ƴan mitsi-mitsin ƙwayoyin iska a tare. Yakutun masana'anta ne.

Idan dole sai an fara da hoto, a nemi bidiyo a hasken rana a inuwa, dutsen a kan farar takarda, ana juya shi a hankali, a nuna sama da gefe da baya, sannan a sake da tocila a bayansa. A ce a turo shi a matsayin fayil domin kada a matse shi. Da wannan za a iya watsar da gilashi da yawa tun kafin a kashe kuɗin mota. Idan an turo hoton takardar shaida ta ɗakin bincike, irin ta GIA, cibiyar binciken duwatsu masu daraja ta Amurka, a duba lambarta a shafin cibiyar, sannan a gwada nauyi da tsawo da faɗin da aka rubuta da na dutsen da ke hannu, domin ana iya haɗa takarda ta gaskiya da wani dutse dabam. Kuɗi kuwa su tsaya a aljihu, ko a hannun amintaccen dillali, da sharaɗin mayarwa a gaban shaidu, har sai wanda ya san aikin ya duba cikin dutsen.