Laccar Samaru: gane mujallar bogi kafin ka saka ta a furojet

Salamu alaikum. Na baya kuna jina? To madalla.

Kwanaki wata ɗalibata ta kawo min babi na biyu na furojet ɗinta, ta jingina kusan komai a kan takarda ɗaya da ta samo a intanet, nace mata buɗe min shafin farko mu gani. A ƙasan taken an rubuta Received 3 ga Maris, Accepted 7 ga Maris. Kwana huɗu kenan fa jama'a! A mujallar kirki sai edita ya tura wa masana aƙalla biyu sun karanta, sun yi gyara, an mayar wa marubuci ya gyara ya dawo da ita, abin da kan ci watanni, to wa ya duba wannan a kwana huɗu? Kuɗin bugawa kawai suka karɓa.

Kuma kar ku ɗauka ƙaramin abu ne. A 2013 wani ɗan jarida John Bohannon ya haɗa binciken ƙarya da gangan mai kurakurai a fili, ya aika wa mujallu 304, guda 157 suka ce sun karɓa.

Sai muka ci gaba ni da ita. Mujallar ta rubuta wai tana Scopus, wato rumbun da ke jera mujallun da aka tantance, nace kar ki yarda da bakin mai talla, kwafi lambar ISSN ɗinta, mai lambobi takwas ɗin nan, je shafin Scopus da kanki ki danna Sources ki saka. Babu ita. Muka gwada DOAJ, jerin tantatattun mujallun da ake karantawa kyauta, nan ma shiru. Shi ISSN ɗin kansa rajista ce kawai, baya nuna inganci, amfaninsa shine ya raba maka mujallu masu kama da juna a suna, don 'yan bogin nan da gangan suke sa suna kusa da na wata sananniya, kalma ɗaya kawai za su canza. In kuma ka same ta a Scopus ɗin ma duba shekarun da aka rubuta mata, akwai waɗanda aka cire daga baya.

Amma fa a yi adalci, wannan yana damuna sosai. Mujallun jami'o'inmu da yawa basa Scopus kuma malamai na gaske ne ke tace su, irin waɗannan a AJOL, shafin mujallun Afirka, za ka fara nemansu, in babu ka taka zuwa laburaren Kashim Ibrahim ka tambayi ma'aikata ko ka nuna wa sufabaizanka tun kafin ranar difens.

Ita dai ɗalibar sai da ta sake babin, sati biyu ya ɗauke ta. Akwai mai tambaya? Ƙanwata mai jan hijabi, bismillah.