Kafin a Ce Hannun Jari Ya Yi Arha: Gyara Ribar da ke Cikin P/E

Lambar P/E da kuke gani a kan allo, wato 6, ita ce ta sa mutane da dama suke cewa hannun jarin wani kamfanin siminti ya yi arha. Kamfanin na misali ne, amma irin wannan kuskuren ana yin sa kullum. Ana samun P/E ne ta hanyar raba farashin hannun jari ɗaya da ribar da ta faɗo masa a shekara. A nan farashin 60 ne, ribar kuma 10, don haka mai saye yana biyan ninki 6 na ribar shekara guda.

Lambar ba ta da ma'ana sai an ajiye ta kusa da ta wasu kamfanoni masu kama da shi. Wannan kama ba ta tsaya ga sana'a ɗaya ba, domin dole ne su yi kusa da juna a girma, da saurin bunƙasa, da yawan bashin da ke kansu. Kamfanin da bashi ya yi wa katutu yakan nuna ƙaramin P/E saboda haɗarin da ke tattare da shi, wanda ya yi asara kuwa ba a lissafa masa P/E kwata-kwata. A kuma tabbatar ribar duk ta lokaci ɗaya ce, kada a haɗa ta shekarar da ta wuce da hasashen shekara mai zuwa. Ga P/E na kamfanoni biyar da muka zaɓa: 9, 11, 12, 13 da 40.

Mai gaggawa zai tara su ya raba da biyar, ya sami 17, ya ninka da ribar 10, sannan ya yanke hukuncin cewa abin da ake sayarwa a kan 60 ya kai darajar 170. Da a ce kasuwa tana zubar da irin wannan garabasa a fili, da babu wanda zai zauna kallon wannan bidiyo.

Mu buɗe rahoton kuɗin kamfanin, mu gangara zuwa bayanan da ke ƙarshensa, inda yawancin masu karatu ba sa kaiwa. Ribar shekarar miliyan 1,000 ce, hannayen jarin kuma miliyan 100. Sai dai a cikin shekarar kamfanin ya sayar da wani fili, ya ci ribar miliyan 500 a kansa. Filin ya tafi, ba za a sake sayar da shi baɗi ba, saboda haka bai dace a ninka wannan riba kamar mai dawowa kowace shekara ba. Wajen cire ta ma akwai tuntuɓe, domin ribar da ke cikin P/E riba ce ta bayan haraji. Idan harajin kashi 20 cikin ɗari ne, abin da za a cire miliyan 400 ne, ba 500 ba. Saura miliyan 600, wato 6 ga kowane hannun jari, kuma P/E ya tashi daga 6 ya koma 10.

Adalci kuwa shi ne a yi wa sauran kamfanonin irin wannan awo. Ku dubi mai 40 ɗin nan. Farashinsa 80 ne, ribarsa 2 kacal, domin gobara a masana'anta ta ci masa 6 a kan kowane hannun jari bayan haraji. Idan aka mayar masa da wannan asara, ribar da ya saba samu ta zama 8, P/E ɗinsa kuma 10. Amma kafin na yarda da haka sai na duba rahotannin shekaru uku zuwa biyar, saboda akwai shugabannin kamfanoni da kowace shekara suke kawo wata asara su ce ta sau ɗaya ce. A ganina, abin da ya dawo shekara uku a jere ya zama kuɗin gudanar da aiki, ko da wane suna aka laƙaba masa.

Jerin ya koma 9, 10, 11, 12 da 13. Na fi son ɗaukar lambar da ke tsakiyar jeri, domin lamba ɗaya da ta yi nisa ba ta iya jan ta, kuma a nan 11 ce. Idan aka ninka 11 da ribar 6, darajar ta zama 66, farashin kasuwa kuma 60. Ratar kashi 10 cikin ɗari ce kawai, kuma idan kamfaninmu ya fi sauran bashi ko ya fi su jinkirin bunƙasa, ninki 10 zai fi dacewa da shi, wanda ke mayar da mu kan 60 daidai.