Ƙarnin kifi a roba da kabad: kuskuren da ke cikin kumfa

Wannan robar da zan ba ku labarinta ta maƙwabciyata Hajiya ce a nan Agege. Mako biyu ta yi da bandar kifi da aka sayo a Oyingbo, an wanke ta sau uku, amma da an ɗaga murfin sai ƙarni ya tarbi mutum. Da na tambayi Hajiya abin da ta yi mata, sai ta ce ta bi bidiyon nan da ke yawo a waya, wanda ake zuba bekin soda a roba, a tuttula ruwan khal a kai, kumfa ta taso har ta zuba. Kumfar tana da daɗin kallo, ban musa ba, sai dai a nan ne aikin yake lalacewa.

Ƙarnin kifi yana fitowa ne daga wani sinadari mai suna tirimetilamin, wanda ɗabi'arsa irin ta kanwa ce, wato kishiyar tsami. Idan tsami ya same shi, yakan mayar da shi wani gishiri da ba ya tashi cikin iska, hanci kuwa ba ya jin abin da bai tashi ba. Dalilin da ya sa mata ke wanke ɗanyen kifi da lemon tsami ke nan tun fil azal. To, ita ma bekin soda dangin kanwa ce, saboda haka idan aka haɗa ta da khal, tsamin da ya kamata ya kama ƙarnin sai ya ƙare a kanta. Kumfar da ke tashi iska ce irin ta lemon kwalba, abin da ya rage a ƙasa kuma bai wuce ruwa mai ɗan gishiri ba. An kashe kuɗi biyu, kowanne ya cinye ɗan'uwansa.

Ga yadda za a raba su. Da farko a cire maiƙo da ruwan ɗumi da sabulu, domin roba tana shan mai, warin kuma cikin man yake laɓewa. A murza da yatsa a ji. Muddin akwai santsi, wankin bai kai ba, kuma a kula da kwarmin murfi, inda soso ba ya shiga. Bayan an ɗauraye, sai a zuba farin khal kofi ɗaya da ruwa kofi ɗaya, shi kaɗai ba tare da soda ba, a rufe, a girgiza, a bar shi aƙalla rabin awa, ko ya kwana idan ƙarnin ya daɗe. Wanda ba shi da khal ya matse lemon tsami. Sai a zubar, a ɗauraye, a shanya a buɗe cikin rana na 'yan awoyi, kada a manta da ita kwanaki domin rana tana sa roba ta yi ƙamas ta tsage. Sai ta bushe ƙayau sannan soda ta shigo, cokali biyu a bushe, a rufe ta kwana.

Gargaɗi guda: kada a taɓa haɗa khal da bilic, domin suna fitar da iska mai guba.

Kabad kuwa ba a jiƙa shi, musamman irin na matsattsen garin katako da ya cika kasuwa, wanda yake kumbura da zarar ya sha ruwa. Ƙaurin hayaƙin bandar kifi datti ne mai danƙo da ke manne wa katako, don haka a goge shi da tsumma mai sabulu da aka matse sosai, har saman ciki da bayan ƙofa, sannan a bi da wani tsumman na khal da ruwa. Matsalarmu a Legas ita ce laima. A watan Yuni da Yuli, wanda ya yi gaggawar rufe ƙofa zai musanya ƙauri da warin fumfuna, saboda haka a bar ta a buɗe a gaban fanka yini guda ko biyu. Daga nan a sa gawayi a kwano a ciki, a rufe kwana uku. Ni na fi son gawayi a kan soda, ga araha, ga shi a kowane lungu.

Mu koma kan robar Hajiya. Ba a gwada ta nan take, domin a buɗe kowace roba lafiya take. An rufe ta babu komai a ciki ta kwana, sannan aka buɗe. Jikin ya fita, amma murfin, wanda ya sha kartar soson ƙarfe, har yanzu yana ɗan bugowa bayan zagaye na biyu. Irin wannan ba ya rabuwa da ƙarni, don haka na ce wa Hajiya ta ware robar ta zama ta kifi kawai, ta nemo wata don garin kunu.