Idan makarantar maƙwabta ta karya kuɗin zango

Assalamu alaikum. Jama'a masu makarantu, a kashe wayoyi, a ɗauko biro, lissafi za mu yi.

Mu ƙaddara kana da makaranta a Ƙofar Ƙaura, ɗalibai 200, kowane yana biyan naira 30,000 a zango. Miliyan 6 ke nan. Sai wani ya buɗe tasa a bayan layinku yana karɓar 20,000, hankalinka ya tashi, ka sauko zuwa 25,000. A ranar ka yi asarar miliyan ɗaya. Kafin ka maido ta sai ka samu sababbin ɗalibai 40, kuma su ma suna buƙatar aji da benci da malami. Ga shi har yanzu maƙwabcin ya fi ka araha. Giɓin nan a albashi yake fitowa: a fara jinkirin biya, malamar da ta iya koyar da karatu ta tafi, iyaye su biyo bayanta.

Kafin ka taɓa farashi, kira iyayen duk yaron da aka cire bara, ɗaya bayan ɗaya. Da yawa za su ce maka biyan 30,000 a dunƙule a watan Satumba, ga kayan makaranta ga littattafai, shi ya gagare su. To wannan matsalar lokaci ce. Raba kuɗin uku: 15,000 ranar dawowa, 10,000 a mako na biyar, 5,000 kafin jarrabawa, a rubuce, uba ya sa hannu. Kashin farko ya zama mafi girma, in ba haka ba bashi zai taru a ƙarshen zango.

Rangwame kuwa a yi masa ƙa'ida. A ce ɗa na uku daga gida ɗaya a cire masa 5,000. Yara 20 suka cancanta, 100,000 ka rasa, ba miliyan ba. Amma rangwamen ɓoye, don Allah a bari. Iyaye mata suna haɗuwa a biki da suna, kafin sati ya zagayo kowa ya ji.

Sannan ka nuna wa uba jimillar abin da ke fita daga aljihunsa. Idan a can bayan 20,000 yana biyan Islamiyya 3,000, da kuɗin Keke Napep zuwa Islamiyyar, 200 kullum na kwana 60, wato 12,000, ya kashe 35,000. Kai kuma boko da Islamiyya wuri ɗaya suke. Sharaɗi dai Islamiyyar ta zama ta gaske, da malami mahaddaci da awoyinta a jadawali.

Na'am, Hajiya, kin tambayi talla. Kada ki zagi makarantar kowa. Ɗauki alkawari ɗaya da ido zai gani, kamar aji ba zai wuce yara 30 ba, ko ɗan aji biyu zai karanta shafi guda da kansa. Ƙarshen zango ki gayyato iyaye, ki miƙa wa yaro littafin da bai taɓa gani ba, ya karanta a gaban mahaifinsa. Wanda ya kasa, a ware masa minti 30 kullum bayan an tashi, ba tare da ƙarin ko sisi ba.